Sabar lafiya lau, amma an ce ba ta da lafiya

Babban shafin intanet ba ya tsayawa a kan saba ɗaya. Akan jera sabobi da dama, a sa wata na'ura a gabansu tana rarraba musu masu ziyara, kamar yadda ɗan kamasho ke raba fasinja ga motoci a tasha. Don kada ta tura mutane ga sabar da ta mutu, na'urar takan aika wa kowacce ɗan saƙo lokaci zuwa lokaci, ta ji ko za ta amsa.

A tsarin Application Load Balancer na kamfanin Amazon, idan ba a sauya komai ba, ana aika saƙon duk bayan daƙiƙa 30 zuwa adireshin `/`. Amsa ɗaya ake jira, wato lambar 200, mai nufin komai daidai. Sabar da ta kasa sau biyu a jere sai a rubuta mata `unhealthy`, a daina ba ta aiki.

To, a ce shafin makaranta ne da ke tura duk baƙo zuwa wurin shigar da kalmar sirri. Turawar nan lambarta 302. Ɗalibi ba zai ga matsala ba, domin wayarsa za ta bi turawar da kanta. Na'urar kuwa ba ta bi. Ta nemi 200 ta sami 302, don haka cikin kamar minti ɗaya ta yanke wa lafiyayyar saba hukunci. Idan an haɗa tsarin da mai sauya matattun sabobi kai tsaye, sai a kashe ta a tayar da sabuwa, ita ma ta faɗi a kan dalili guda, a yi ta zagaye.

Dalilin da aka rubuta a allo yakan nuna bakin zaren. `Target.ResponseCodeMismatch` na nufin sabar ta amsa, amma da wata lamba: 302 turawa ce, 404 kuma adireshin da aka bayar ne babu shi. `Target.Timeout` shiru ne har daƙiƙa 5 suka wuce, kuma sau da yawa katangar tsaro ce ta toshe ƙofar da ake bugawa. Kuskuren lambar ƙofa ma yakan kayar da gwajin, misali manhaja tana saurare a 8080 ana nemanta a 80.

Injiniyoyi kan maimaita gwajin da hannu daga cikin cibiyar sadarwar:

```
curl -i http://10.0.1.15:8080/
```

Layin farko na amsar zai nuna lambar. In 302 ce, ana iya ƙara ta cikin lambobin da aka yarda da su, sai dai hakan turawar kawai yake tabbatarwa. Abin da ya fi shi ne a ware adireshi kamar `/health`, marar kalmar sirri, mai mayar da 200 idan manhajar tana aiki.