Kafin Ki Ce "Bincike Ya Nuna"

Ɗalibar aikin jinya da aka ba maƙala kan aiki da hujja takan jero bincike biyar ko shida, ta ce duk sun nuna maganin na aiki. Malami kuwa so yake ya ga ta auna kowanne, ta faɗi wanda ya dace da marasa lafiyarta.

Mu ɗauki kula da cibiyar jariri. A gabatarwa za ta kafa tambaya mai gaɓa huɗu, tsarin da ake kira PICO: su waye, me za a yi musu, da me za a kwatanta, wane sakamako ake nema. Misali, ga jariran da aka haifa a gida, shin shafa kulohezidin a cibiya ya fi barin ta bushe da tsabta wajen rage mutuwa a watan farko? Daga nan ta faɗi inda ta nemo binciken, kamar rumbun PubMed, da dalilin zaɓen waɗanda ta zaɓa.

Aikin gaske yana tsakiyar maƙalar. A 2006 an wallafa wani gwaji daga gundumar Sarlahi ta Nepal, kan jarirai sama da 15,000. Abin dubawa na farko shi ne yadda aka raba su. Da ƙuri'a aka raba unguwanni, don haka ba za a ce masu hali ne suka sami maganin ba. Mummunan ciwon cibiya ya ragu da kashi 75 cikin ɗari, mutuwa kuma da kashi 24. A nan ɗalibai ke tuntuɓe, domin tazarar tabbacin wannan adadi na biyu ta kama daga raguwar kashi 45 har zuwa ƙaruwar kashi 4. Tunda ta haɗa da yiwuwar babu bambanci, dole ta rubuta cewa raguwar mutuwa ba ta tabbata ba.

Sai ta kawo gwajin kudancin Zambiya na 2016, mai jarirai sama da 37,000, inda maganin bai rage mutuwa ba. Ɓoye shi rashin gaskiya ne. Aikinta ta nemo dalilin saɓanin: a Nepal galibi a gida aka haihu, a Zambiya kuwa mafi yawa a asibiti.

A kammalawa sai ta dawo kan nata wurin. Idan a ƙauyen da take aiki ana haihuwa a gida, ana gasa cibiya ko a shafa mata man goge baki, hujjar Nepal ta fi kusa da ita. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ma ta keɓe maganin ne ga inda ake shafa wa cibiya abubuwa masu cutarwa. Ta kuma faɗi yadda za ta shawo kan kakar jariri, domin a gidaje da yawa ita ke wankan jariri, cibiyar kuma a hannunta take.