Naɗin Furotin da Cutar da Kuskurensa ke Haifarwa

Kowane furotin a jikin mutum yana farawa ne a matsayin dogon zare na sinadaran amino asid, waɗanda iri ashirin ne. Zaren ba shi da amfani sai ya naɗe ya ɗauki siffarsa, kamar yadda ƙyalle ba ya zama rawani sai an naɗa shi. Jerin amino asid ɗin ne ke tsara siffar, kuma a kan wannan binciken Christian Anfinsen ya samu kyautar Nobel a 1972.

Wajen naɗin, sassan zaren da ba sa shiri da ruwa sukan ɓuya a ciki. To amma ƙwayar halitta cunkushe take, kuma muddin sassan nan suna waje, sai su manne da na wani zaren su dunƙule. A nan ne furotin masu rakiya, waɗanda ake kira shafaron, suke shigowa. Ɗaya daga cikinsu, Hsp70, yakan kama sashen da ya fito fili ya rufe shi, sannan ya sake shi, yana amfani da ƙarfin sinadarin ATP. Haka zai yi ta kamawa da saki har naɗin ya daidaita. Wanda ya ƙi gyaruwa kuwa, sai a sa masa alama a miƙa shi ga injin ƙwayar halitta mai daddatsa furotin.

Cutar sistik faiburosis, wadda ta fi yawa a Turawa, ta nuna inda wannan tsari kan jawo wahala. Furotin CFTR ƙofa ce a bangon ƙwayar halitta, ta nan sinadarin kulorayid na gishiri ke fita, ruwa kuma ya bi shi. Zarensa na da amino asid 1,480. A yawancin masu cutar, guda ɗaya tak aka rasa, na gurbi na 508. Wannan giɓin yana hana sassan haɗuwa daidai, don haka masu rakiya sukan riƙe furotin ɗin, a lalata shi tun bai kai bango ba.

Idan babu ƙofar, majinar huhu takan bushe ta yi kauri, ƙwayoyin cuta su samu mazauni, hanyoyin ruwan narkar da abinci su toshe. Gumi ma yakan yi gishiri fiye da kima, shi ya sa likitoci ke auna kulorayid na gumi don gano cutar.

Gwaji ya nuna cewa furotin mai giɓin yana iya ɗan aiki in har ya isa bango. Wannan ne ya sa aka nemi magungunan da za su tallafa masa ya naɗe. A 2019 Amurka ta amince da haɗin magunguna uku: biyu suna gyara naɗin, ɗaya yana taimaka wa ƙofar ta daɗe a buɗe.