Mof, Mofim da Alomof: Tambayoyin Bita Kafin Jarrabawar Ginin Kalma

A ilimin ginin kalma, wanda wasu malamai ke kira tasarifi, akan yanka kalma gunduwa-gunduwa har a kai ga ɗan yankin da ba ya ƙara yankuwa ba tare da ma'ana ta lalace ba. Sunaye uku ne ke yawo a wannan aiki, wato mofim da mof da alomof. Ɗaliban jami'a kan haddace ma'anarsu tsaf, amma su rikice da zarar an ajiye musu kalma an ce su feɗe ta. Tambayoyin da ke biye na irin wannan fiɗar ce.

Mene ne mofim, kuma me ya raba shi da mof?

Mofim shi ne ƙwayar ma'ana: yanki mafi ƙanƙanta a harshe da ke ɗauke da ma'ana ko wani aikin nahawu, kamar jam'i ko jinsi ko mallaka. Leonard Bloomfield ne ya yaɗa wannan fahimta a littafinsa na 1933. Mof kuwa shi ne sautin da kunne ke ji idan an furta ƙwayar, kuma Charles Hockett ya yi amfani da sunan a wata maƙala ta 1947. Jam'i ƙwayar ma'ana ce da ba a jin ta ita kanta. Abin da ake ji shi ne -una a riguna, ko -ai a malamai, kuma waɗannan su ne mof.

Mof nawa ne a kalmar malamanmu?

Huɗu ne. Akwai saiwa malam-, sai alamar jam'i, sai mahaɗin mallaka, sai wakilin suna -mu. Gaɓoɓin kalmar su ma huɗu ne, kuma a nan tarkon yake, domin ba a wuri ɗaya ake yanka ba. Gaɓoɓi su ne ma-la-man-mu, amma yankan ma'ana shi ne malam-a-n-mu. Gaɓa ma'aunin furuci ce kawai: tukuna tana da gaɓa uku amma ƙwayar ma'ana ɗaya ce, shi kuwa mahaɗi -n ko gaɓa bai cika ba, ga shi ƙwaya ne sukutum. Ɗalibi mai lura zai kuma ga cewa -ai na malamai ya koma -a kafin mahaɗin, domin gaɓar Hausa ba ta ɗaukar tagwan wasali kuma baƙi ya rufe ta. Wannan sauyin ne ke kai ga tambaya ta gaba.

Yaushe ake kiran mof biyu alomof na ƙwaya ɗaya?

Sai sharaɗi biyu sun cika. Dole ma'anarsu ko aikinsu ya zama ɗaya, kuma kowanne ya kasance da muhallinsa wanda ɗan'uwansa ba ya shiga. Kamannin sauti yana taimakawa, amma shi kaɗai ba hujja ba ne.

Mahaɗin mallaka ya isa misali. Ana rubuta gidan Tanko da gidan Bala da gidan Garba duka da -n, amma baki ba haka yake furta su ba. A gidan Tanko harshe na taɓa hanƙa, a ji n sosai. A gidan Bala leɓɓa ne ke haɗuwa, sai a ji gidam Bala. A gidan Garba kuwa bayan harshe ne ke hawa hanɗa, sautin ya fita ta hanci. Ma'anar ba ta motsa ba, kuma baƙin da ke gaba ne ke zaɓar siffar da za ta fito, har mutum zai iya faɗin wadda za ta zo kafin ya ji kalmar. Irin wannan shi ake cewa sauti ne ya shar'anta shi. Ƙa'idar rubutun Hausa ta ɓoye bambancin, shi ya sa wanda ya dogara da takarda yake rasa makin. Amsa mai kyau za ta ƙara da cewa m da n ƙwayoyin sauti ne mabambanta a Hausa, shi kuwa na hanɗar takwaran n ne kawai, don haka wasu malamai ba sa lissafa shi a matsayin alomof na daban.

To -r na rigar Bala fa?

Aikinsa ɗaya da na -n, amma ba baƙin gaba ne ke zaɓar sa ba. Amsar da aka saba bayarwa ita ce -n na namiji da jam'i ne, -r na mace. Rabin gaskiya ke nan. Gwamnati mace ce a nahawu, tunda ana cewa gwamnati ta hana, amma gwamnatin Kano ake cewa. Haka ma macen kirki. Cikakkiyar ƙa'idar ita ce -r na zuwa ne bayan suna tilo na mace wanda ya ƙare da wasalin a, sauran wurare duka na -n ne. Nahawu da sauti ne suka haɗu suka shar'anta shi. A karin harshen Sakkwato kuma wannan mahaɗi kan rikiɗe ya zama baƙin da ke bin sa, a ji rigab Bala da rigat Tanko, abin da ke nuna cewa jerin alomof ya danganta da karin da ake nazarta. Ya kamata a ambaci karin a farkon amsa.

Shin -una da -ai da -oci duk alomof ne na jam'i?

A mazhabar da ta ɗauki jam'i ƙwaya ɗaya, haka ne, amma ba iri ɗaya ne sharaɗinsu ba. Motoci da tagogi da ƙofofi da hanyoyi tsari ɗaya ne: a saka o, a maimaita baƙin ƙarshe na saiwa, a rufe da i. Inda aka sa ran jin mototi sai aka ji motoci, saboda t kan koma c kafin i ko e, kamar yadda s ke komawa sh a ƙasashe, d kuma ya koma j a gidaje. Wannan na sauti ne. Amma babu wata ƙa'idar furuci da za ta tilasta riga ta ɗauki -una ita kuma mota ta ƙi. Kalmar ce da kanta ke zaɓa, sai dai a koye ta da jam'inta. Saiwa ma tana da alomof: kaz- a kaza, kaj- a kaji. Ɗalibai da yawa suna zaton ɗafi kaɗai ke sauya siffa.

Mof ɗaya zai iya ɗaukar ƙwayoyin ma'ana fiye da ɗaya?

Ƙwarai. A ya tafi, idan aka ja wasalin ya da karin sama, ɗan sautin nan ya ƙunshi mutum na uku da namiji da tilo da shuɗaɗɗen lokaci, kuma babu inda za a sa wuƙa a raba su. Idan aka gajarta wasalin aka saukar da karin, kamar a ce ya tafi mana, an shiga umarni ko fata. Rubutu ɗaya ne amma mof biyu ne, domin tsawon wasali da karin sauti suna cikin jikin mof ɗin Hausa.

Akwai kuma akasin alomof, inda sauti ɗaya ke yi wa ƙwayoyi biyu aiki. Ta a ya kama ta wakilin suna ne, ta a rigar nan ta Musa ce kuwa ta mallaka ce. Furucinsu ɗaya, amma sharaɗin farko, wato ɗayantakar ma'ana, bai cika ba, saboda haka a takardar amsa ana rubuta su a matsayin mofim biyu masu siffa ɗaya.