Yadda ake sa wasan kwamfuta ya yi kama da zanen katun

Wanda ya taɓa ganin wasan The Wind Waker da kamfanin Nintendo ya fitar a 2002 zai lura inuwar da ke jikin 'yan wasan ba ta narkewa a hankali, a yanke take kamar da wuƙa. A wasannin yau, wani ɗan shiri ne da ake kira sheda yake yin irin wannan aiki.

A injin Unity, sheda tana auna yadda kowane ɗigo na jiki ya fuskanci fitila, ta ba shi lamba daga 0 zuwa 1. Maimakon a bar lambar yadda take, sai a karya ta mataki-mataki:

```
float d = saturate(dot(N, L));
float b = min(floor(d * 3), 2) / 2;
```

Ɗigon da ya samu 0.2 zai koma duhu, mai 0.5 ya tsaya tsakiya, mai 0.9 ya samu cikakken haske. Launi uku ke nan kawai. Idan bakin matakan ya fito da haƙora kamar zarto, a ɗan sassauta shi da `smoothstep`, amma kaɗan, don idan ya yi yawa kamannin zanen zai ɓace.

Baƙin layin gefe kuwa dabara ce. Ana sake zana jikin, a ɗan kumbura shi, a shafe shi da baƙi, sannan a ɓoye fuskarsa ta gaba da `Cull Front`. Abin da ya leƙo ta gefe shi ne layin. A jiki mai santsi abin yana kyau, amma a akwati sai layin ya tsage a kusurwa, domin kowace fuska ta kumbura ta nata gefen. Maganinsa a haɗa alkiblar fuskokin da suka haɗu a kusurwar kafin a kumbura. Don haka mai koyo ya fara da ƙwallo tukuna.