Daga Teburin Rance Zuwa Lafiyar Al'umma

Ma'aikacin bankin da ya yanke shawarar komawa makaranta don yin digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma yakan sha wuya a wuri guda, wato takardar bayanin manufa da jami'a ke nema tare da sakamakon digirin farko. Ba ta da tsawo, shafi ɗaya ce ko biyu. Amma malaman da za su karanta ta sun saba da likitoci da ma'aikatan jinya, don haka da zarar sun ga ɗan banki, tambayar da ke ransu ita ce: me ya kawo wannan?

Da yawa sukan amsa da cewa tun suna yara suke son taimakon jama'a, kuma aikin banki bai taɓa kwanta musu a rai ba. A ganina wannan ɓarna ce. Mutum ya zubar da shekarunsa na aiki ke nan, alhali su ne kaɗai abin da ya bambanta shi da sauran masu nema.

A ce wata jami'ar rance ce a Kano, aikinta bai wa ƙananan 'yan kasuwa bashi da bibiyar waɗanda suka kasa biya. Tana zuwa rumfunansu, sai ta riƙa jin dalili iri ɗaya: an yi wa matar wani tiyatar haihuwa, an kwantar da mahaifin wani, jarin ya tafi asibiti. Da wannan ya kamata ta buɗe takardarta, domin abin da ta gani da idonta babbar matsala ce da masana tattalin arzikin lafiya ke nazari a kai. A Najeriya, kusan kashi 70 cikin ɗari ko fiye na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun marasa lafiya da danginsu yake fitowa. Abin da banki ya rubuta a matsayin bashin da ya lalace, su masanan suna kallonsa a matsayin gidan da rashin lafiya ta jefa cikin talauci.

Bayan haka sai ta faɗi abin da ta iya, ta kuma nuna inda ake buƙatarsa. Cewa ta ƙware wajen lissafi bai wadatar ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na dunƙulallen asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, kuma wani ɓangarensa yana shiga kai tsaye asusun bankin ƙananan asibitoci. Shugaban irin wannan asibiti ma'aikacin lafiya ne, ga shi dole ya tsara kasafi, ya adana rasit, ya daidaita littafinsa da bayanin banki. Wadda ta yi shekaru tana binciken littattafan 'yan kasuwa ta san ta inda kuɗi ke yoyo. Haka nan dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, amma karɓar gudummawa daga mai shayi da mai ƙosai waɗanda ba su da albashin ƙarshen wata aiki ne da ta fi likita saninsa. In ta ambaci hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kano, KSCHMA, a matsayin irin wurin da take son yin aiki, mai karatu ya ga alƙiblarta.

Sai dai kada ta yi zaƙewa. Abin da ta lura da shi a rumfuna ba bincike ba ne. Waɗanda suka samu rance kaɗai ta gani, talakan da bai taɓa taka ƙofar banki ba bai shiga lissafinta ba, kuma mai bashi yana iya fakewa da rashin lafiya. Faɗin wannan a takardar ƙara mata daraja zai yi, domin shi ne dalilin neman karatun: tana so ta koyi ilimin yaɗuwar cututtuka da ƙididdigar lafiya, ta iya auna abin da yanzu zato kawai take yi. A nan ne za ta ambaci darussan wannan jami'ar da sunansu. In har za a iya sauya sunan jami'ar a aika takardar wani wuri ba tare da gyara komai ba, aikin bai kammala ba.

Sirrin abokan ciniki amana ce ko bayan barin aiki, saboda haka babu sunan kowa a ciki, babu alƙaluman da banki bai fitar wa jama'a ba. Kuma tun kafin ta ɗauki alƙalami ta duba sharuɗɗan shiga, domin wasu jami'o'i masu digirin fannin lafiya kaɗai suke ɗauka, ko su nemi mutum ya fara yin difloma ta gaba da digiri. Wasu kuwa, musamman masu reshen tattalin arzikin lafiya, suna karɓar wanda ya karanta tattalin arziki ko akanta.