Hoton Bangon Bidiyo: Fuska Ɗaya, Kalma Uku, Launi Mai Fitowa

Duk wanda ya buɗe YouTube a wayarsa, kafin ya ji muryar kowa hotuna yake gani, jere ɗaya ƙarƙashin ɗaya, babban yatsansa na tura su sama. Kowane hoto ɗan lokacin da yake samu bai wuce ƙiftawar ido ba. A nan ake yanke wa bidiyo hukunci. Mutum ya kwana yana ɗauka, ya yini yana tacewa, ya ƙona data wajen ɗorawa, amma idan hoton bangon bai tsayar da wannan yatsan ba, wahalar ta tafi a banza. Abin yana damuna ƙwarai, domin akwai tashoshi da yawa masu ilimi na gaske, na girki da gyaran waya da noma, da ake wuce su saboda hoton da aka liƙa musu.

Tushen matsalar guda ne: ana tsara hoton a babba, ana kallonsa a ƙarami. Girman da YouTube ta daɗe tana ba da shawara a baya shi ne faɗi 1280, tsawo 720, wato tsarin 16:9. Mai tsarawa yana ganinsa ya cika masa allo, komai tar. Amma a gefen shafin kwamfuta, inda ake jero bidiyoyin da za a kalla na gaba, hoton nan yakan koma kusan 168 da 94. Ya ragu fiye da sau bakwai ke nan. Harafin da aka ba tsawon ɗigo 40 a wajen tsarawa zai koma kamar ɗigo 5, ba mai iya karanta shi. Idanun mutumin da aka ɗauka daga nesa za su ɓace gaba ɗaya. Babbar fuska, gajeren rubutu da launi mai ƙarfi, duk daga wannan lissafin suka fito.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wata mai tashar girki ta yi bidiyo a kan dalilin da ya sa ƙullun masa yake ƙin tashi. Taken bidiyon: “Yadda ake masa mai laushi da shinkafar tuwo”. Hoton da ta fara haɗawa irin wanda muka saba gani ne. Ga ta a tsaye a kicin an ɗauke ta tun daga kai har gwiwa, ga tanda, ga kwanon miyar taushe, ga tambarin tasha a kusurwa, ga lambar waya, sannan a sama an sake rubuta taken bidiyon kaf da jan rubutu. Kowane abu a ciki yana da dalilinsa a wurinta. Amma da hoton ya ƙanƙance, sai ido ya rasa inda zai sauka.

Gyaran daga fuska yake farawa. Idon ɗan Adam fuska yake fara nema a kowane hoto, kuma daga ita yake karanta abin da ke faruwa: mamaki ne, damuwa ce, ko jin daɗi. Don haka a matso da ita. A yanke hoton daga kafaɗa zuwa sama, kai ya ci fiye da rabin tsawon hoton, ko da saman ɗankwali ya ɗan fita daga iyaka. A ajiye ta a gefe ɗaya, ta ci kamar kashi ɗaya cikin uku na faɗin, sauran fili a bar wa masa da rubutu. Idanu su fito sarai. Idan tana kallon mai kallo, to tana kiransa ne. Idan kuma tana kallon masar da ke hannunta, idonsa zai bi nata ya sauka a kan masar. Duka biyun suna aiki, abin da ba ya aiki shi ne kallon da ya fice daga hoton zuwa wani wuri da ba komai.

Kada a ciro wannan fuskar daga cikin bidiyon. Hoton da aka tsinto daga bidiyo sau da yawa yakan zo da dishi-dishi, baki a karkace, ido rabi a rufe. A ware minti biyar bayan an gama ɗauka a yi hoto na musamman. Nan kuma akwai abin da ya shafe mu kai tsaye, mu masu duhun fata. Idan aka tsaya taga tana baya, ko gaban farin bango mai haske, waya takan auna hasken bayan, fuska ta zama inuwa. A juyo a fuskanci tagar, haske ya sauka a kan fuska, a taɓa fuskar a allon waya kafin a ɗauka domin ta auna haske da ita. Daga baya ana iya ɗan ɗaga haske a wajen tacewa, amma ba a kai ga sauya wa mutum launin fatarsa ba. Wannan ɗabi'ar ta mayar da kowa fari sol a hoto ba ta ƙara komai, illa ma ta goge layin hanci da kumatu waɗanda su ne ke nuna yanayin fuska.

Yanayin kuwa ya zama na gaskiya. An yi yayin wangale baki da zare ido, har ya zama kowa haka yake yi ko da bidiyon na dafa shayi ne. MrBeast, wanda tasharsa ke cikin mafi girma a duniya kuma ya yi suna da irin wannan hoton, ya bayyana a 2023 cewa da ya gwada hotunan da bakinsa ke rufe sai ya ga an fi daɗewa ana kallo. Mai masarmu ba ta buƙatar ihu. Ɗan ɗaure gira, tana riƙe da masa ɗaya da ta kwanta ta yi tauri, ya isa. Kuma ba dole ba ne sai da fuska. Wadda ba ta son fuskarta ta fita, hannu biyu suna ɓara masa mai laushi a kusa da kyamara, tururi na tashi, zai tsaya a madadinta. Ƙa'idar dai ita ce abu ɗaya babba.

Sai rubutu. Take yana nan a ƙarƙashin hoton ko a gefensa, YouTube da kanta za ta nuna shi, don haka maimaita shi ɓarnar fili ce. Aikin rubutun hoto shi ne ya faɗi abin da take bai faɗa ba. Take ya ce yadda ake masa, hoto sai ya taɓo ciwon da ya kawo mai kallo: “TA ƘI TASHI?” Kalma uku. Duk wadda ta taɓa jiƙa shinkafa ta kai niƙa ta wayi gari ƙullu na kwance, ta gane da ita ake. Da yake kalmomin kaɗan ne, kowane harafi zai iya samun tsawon ɗigo 130, wanda ko an rage shi sau bakwai yana nan ana karantawa. A zaɓi harafi mai kauri, marar ƙawa da lanƙwashe-lanƙwashe.

A nan masu rubutun Hausa suna da tarko nasu. Yawancin haruffan ado da ke cikin manhajoji irin su Canva da PixelLab ba a yi su da ƙ, ɗ da ɓ ba. Sai ka rubuta Ƙ ta fito akwati, ko manhajar ta aro ta daga wani salon, ta zo siririya a tsakiyar ƙattai. Da yawa sukan haƙura su rubuta K, alhali akwai salon da ke da haruffanmu cikakku, irin su Noto Sans mai kauri. A gwada haruffan nan uku tun kafin a zaɓi salo. A kuma kiyaye kusurwar ƙasa ta dama, domin nan YouTube take manna tsawon lokacin bidiyo, duk abin da aka rubuta a wurin zai rufe. Gindin hoton ma jan layi yakan bi ta kansa idan mutum ya taɓa kallon bidiyon.

Batun launi shi aka fi yi wa gurguwar fahimta. Ana ɗauka ƙarfin launi yana nufin a zuba ja da kore da shuɗi su yi ta faɗa. Abin da ake nema shi ne tazara tsakanin haske da duhu. Ja a kan kore launuka ne mabambanta, amma nauyin duhunsu kusan ɗaya ne, shi ya sa rubutun yake narkewa, kuma akwai mutanen da idonsu ba ya rarrabe waɗannan biyun sosai. Ja a kan baƙi ma haka. Fari ko rawaya a kan shuɗi mai duhu kuwa daga nesa ake hango shi. Ga mai masa, a cire kicin ɗin daga baya ko a dusashe shi, a sa shuɗi mai duhu. Masa mai ruwan zuma za ta fito a kansa, rubutu ya zama rawaya da baƙin layi a gefen haruffa, ita kuma ta ɗaura ɗankwali mai haske domin kanta ya rabu da bayan. Launi biyu ko uku sun wadatar. A tuna cewa mai kallon yana iya kasancewa a cikin Keke Napep da rana tsaka, ya rage hasken waya don kada caji ya ƙare.

Kafin a ɗora, akwai gwaji biyu da ba sa cin ko sisi. Na farko, a mayar da hoton baƙi da fari. Idan rubutu da fuska sun ci gaba da fitowa, tazarar ta yi. Idan suka haɗe suka zama toka, launi ne kawai yake ruɗin ido. Na biyu, a ƙanƙantar da shi ya koma kamar hoton fasfo a kwance, a nuna wa wani na daƙiƙa ɗaya, a tambaye shi me ya gani. Idan ya ce “mace da masa, wai ta ƙi tashi”, an gama. Idan ya ce a sake nuna masa, akwai abin cirewa. Daga nan sai a ajiye shi a JPG ko PNG. Wanda bai kai 2MB ba zai shiga ba gardama. Sabuwar tasha sai ta tabbatar da lambar waya kafin a ba ta damar sa hoton kanta.

Bayan an ɗora, YouTube Studio zai nuna sau nawa aka nuna hoton da kuma kashi nawa suka danna. Idan an nuna sau 10,000 mutum 300 suka shiga, kashi 3 ke nan cikin ɗari. Idan sabon hoto ya kai su 500, an samu ƙarin masu kallo 200 ba tare da an taɓa bidiyon ba. YouTube ta ce rabin tashoshi da bidiyoyi suna tsakanin kashi 2 da kashi 10. Sai dai a yi hattara da wannan lamba. Takan sauka idan bidiyo ya yi nisa ya isa ga baƙin da ba su san tashar ba, kuma wannan ba laifin hoto ba ne. A gwada ta da sauran bidiyoyin tashar, ba da na wasu ba.

Alamar da ta fi muni ita ce dannawa ta yi yawa amma mutane suna ficewa tun a rabin minti na farko. Ma'anarta hoton ya yi alkawarin da bidiyo bai cika ba. Shi ya sa tsarin Test & Compare, wanda YouTube ta buɗe wa masu tashoshi a 2024 don gwada hotuna har uku a kan bidiyo ɗaya, yake zaɓar gwani da yawan lokacin kallo, ba da yawan dannawa ba. Hoton yaudara kuma, irin wanda ake sa fuskar fitaccen jarumin da ba ya cikin bidiyon, ya saɓa wa dokokin dandalin, ana iya cire shi har a yi wa tashar gargaɗi. Idan mai masa ta rubuta “TA ƘI TASHI?”, to kada ta ɓata minti biyu tana gaisuwa da roƙon a bi tasharta. Ta fara da ƙullun da ya kwanta, ta nuna ko yis ɗin ne ya mutu, ko ruwan ya yi zafi, ko wurin da aka ajiye shi ne ya yi sanyi.