Daga Kwanar Gafan zuwa Legas: barcin direba da lafiyar tirela

Tumatir ba ya jira. Da zarar an gama lodi a Kwanar Gafan, mai kaya so yake mota ta isa kasuwar Mile 12 a Legas kafin kwanduna su fara tsiyaya. Tafiyar ta haura kilomita 1,000, kuma idan aka haɗa da ramuka, shingayen bincike da cunkoso, a ce tirela tana cin kilomita 40 a awa. Ke nan awa 25 na tuƙi zalla. A Tarayyar Turai doka ta ƙayyade wa direban babbar mota awa 9 a rana, da hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi. Da wannan ma'auni, tafiyar kwana uku ce ga mutum ɗaya. Wanda ya ce a kai masa cikin kwana ɗaya da rabi, to ya biya direba biyu, ko kuma ya san daga barcin direba aka cike giɓin.

Gyangyaɗi kuwa ba ya sallama. Ya fi kamu tsakanin ƙarfe 2 na dare da asuba, sai kuma bayan azahar. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana shafe mita 22 a daƙiƙa ɗaya, don haka lumshe ido na daƙiƙa huɗu ya kusan mita 90 ba kowa a kan sitiyari. Yaron mota mai lura yakan gane: hamma ta yi yawa, mota tana karkata gefen titi ana fizgo ta, Oga ya kasa tuna garin da aka wuce. Goro da shayi jinkirta barci kawai suke yi. Taramol ya fi muni, domin yana ɓoye gajiya alhali hankali ya dushe.

Abin da masu motoci ba su cika lissafawa ba shi ne sabis ɗin da aka ɗage, direba ke biyansa. Boris ɗin ƙafa da ya bushe babu giris zai yi zafi ya kama, a ce a wajen Mokwa. Awa shida sun tafi wajen neman bakanike da kayan gyara, kuma waɗannan ne awoyin da ya kamata direba ya kwanta. Sai ya kwana yana tuƙi don ya rama.

Shi ya sa ake ɗaura sabis a kan kilomita. Idan ana juye baƙin mai duk kilomita 10,000, zuwa da dawowa kuma sun haura 2,000, bayan sawu huɗu mota ta shiga gareji ko da lodi na jira. A ranar a duba burki, giris da fanbel. A hanya kuma, duk tsayawa a kai hannu kusa da kowace ƙafa. Wadda ta fi sauran zafi, ko boris ne ko burki ke kamawa, a kwance ta tun mota tana cikin gari.